Ma'aunin zafina yana faɗin gaskiya kuwa?

Tambaya: Ina yin madara mai tsami ta sayarwa a Tahoua, amma na fara zargin ma'aunin zafina. Yaya zan gwada shi?

'Yar uwa, fara da ƙanƙara, don gwajinta ya fi tabbas. Ki farfasa ta ƙanana, ki cika kofi, ki zuba ruwan sanyi kaɗan yadda ba za ta taso sama ba. Ki motsa, ki jira minti 3, sannan ki tsoma bakin ma'aunin a tsakiya, kada ya taɓa gindin kofin. Ya kamata ya nuna 0.

Tafasasshen ruwa kuwa, kada ki jira ganin 100. Wannan lissafin bakin teku ne, kuma duk hawan mita 300 yana rage kusan digiri 1. A Tahoua, kusan 99 ne daidai.

A ce kin ga 2 a ƙanƙara, 101 a tukunya. Yana ƙarin 2 ke nan, sai ki riƙa cirewa: in ya nuna 45, madararki tana 43. In mai allura ne da noti a bayansa, ki juya notin yana cikin ƙanƙara har allurar ta hau 0. In kuskuren biyun sun bambanta sosai, gara ki sayi wani.

Ma'aunin zazzaɓi dai kada ya shiga ruwan zafi, zai iya fashewa.