Rage albashi ba tare da yardar ma'aikaci ba

Tambaya: "Mai gidanmu ya rage mini albashi, ya ɗauke ni daga lissafin kaya ya mayar da ni sayarwa, bai shawarce ni ba. Yana da ikon haka?"

Ɗan'uwa, abu biyu ne a nan, kuma nauyinsu ba ɗaya ba. Albashi sharaɗi ne na yarjejeniyar aiki, ko a rubuce take ko da baki, ɓangare ɗaya ba ya sauya shi shi kaɗai. Kuɗin kwanakin da ka riga ka yi aiki kuwa bashi ne a kansa.

Sauya aiki ya fi sassauci. Duba takardar ɗaukarka: in an rubuta cewa za a iya ba ka wasu ayyuka makamanta, ƙin zuwa sayarwa zai iya zama rashin biyayya. In kuwa rage matsayi ne, kana iya ƙi.

Shiru ne ya fi cutar da mutane. In ka yi watanni kana karɓar ragaggen albashi ba ka ce uffan ba, ana iya cewa ka amince. Rubuta masa cewa ba ka yarda ba, ka riƙe kwafi, ka ci gaba da zuwa aiki. Kada ka sa hannu a sabuwar takarda, kada ka ajiye aiki cikin fushi. Dokokin ƙasashe sun bambanta, don haka ka kai takardunka ofishin ƙwadago ko wurin lauya.