Iddar matar da hailarta ta ɗauke ba ta san dalili ba

Tambaya: Allah gafarta Malam, ina zaune a Agege, shekarata 31. Mijina ya yi mini saki ɗaya wata biyar da suka wuce, kuma rabona da haila wata bakwai ke nan. Na yaye ɗana shekara biyu baya, amma har yau in na matsa nono ruwa na fitowa, ga yawan ciwon kai. Matan gidanmu sun ce kwantaccen ciki ne. Yaya zan ƙirga idda?

Amsa: Bismillah. 'Yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya.

Aya ta 4 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta sanya wata uku ga wadda ta yanke ƙauna da haila, da wadda ba ta taɓa yi ba. Likitoci ma sun raba gida biyu. Akwai wadda ta kai shekara 15 ba ta fara ba, ko ta kai 13 ko ƙirgar dangi babu. Akwai kuma wadda ta saba gani sai ya ɗauke mata wata uku a jere, ko wata shida in dama hailarta ba ta da tsari. Ke a gida na biyu kike, kuma shekarunki ba na yanke ƙauna ba ne, don haka wata ukun ayar ba naki ba ne kai tsaye.

A mazhabar Malik, wadda hailarta ta ɗauke ba tare da sanannen dalili ba takan zauna wata tara domin kore shakkar ciki, sannan wata uku na idda, shekara guda ke nan daga ranar saki. Wannan hukuncin Sayyidina Umar ne, kuma Imam Malik ya ruwaito shi a Muwaɗɗa. In jini ya zo kafin shekarar ta cika, ta koma ƙirga da tsarki: ta jira na biyu ko wata shekarar, haka har na uku.

To amma "ba a san dalili ba" ba hujjar naɗe hannu ba ce. Ki je wurin likitan mata, ko a asibitin koyarwa na Idi-Araba ko na Ikeja. Farkon abin da za a yi awon ciki ne ta fitsari ko ta jini, a bi da hoton mara. In ciki ne, iddarki haihuwa, magana ta ƙare. Cikin wata bakwai ba ya ɓuya wa hoto, saboda haka zancen kwantaccen ciki kada ya hana ki fita. Na sha ganin wannan zance ya zaunar da mace shekara biyu tana shan jiƙe-jiƙe.

In babu ciki, likita zai yi miki tambayoyi, ki amsa ba kunya. Kin yi allurar tsarin iyali ta wata uku-uku? Ita kaɗai tana iya riƙe haila watanni bayan an daina. An taɓa yi miki wankin ciki? Yakan bar tabon da ke manne bangon mahaifa. Kin zubar da jini mai yawa wurin haihuwa? Kin rame sosai? Waɗanne magunguna kike sha? Daga nan sai awon jini, za ki ga an rubuta FSH da TSH da furolaktin, sunayen sinadaran jiki ne da ake aunawa. FSH in ya hau sosai ga 'yar ƙasa da shekara 40, alama ce ƙwan ya gaji da wuri, kuma sai an maimaita awon bayan kamar wata guda ake yanke magana. TSH kuwa na maƙoƙo ne.

Ruwan nonon nan da ciwon kai su suka fi ja mini hankali, ko da yake ni ba likita ba ne. Furolaktin shi ke kawo nono, shi ne kuma ke riƙe wa mai shayarwa haila. In ya hau ba shayarwa, akan sake aunawa, a duba ko maƙoƙo ne ko wani magani, in ba su ba a ɗauki hoton MRI na kai, domin wani ɗan ƙari a ƙasan ƙwaƙwalwa na jawo haka. Galibi ƙwaya ke maganinsa, haila ta dawo. In ganinki ya fara raguwa ta gefe-gefe, kada ki jira ranar da aka ba ki.

Wataƙila kuma a ba ki ƙwayar gwaji ta kwana goma, a ga ko jini zai zo cikin mako guda bayan kin gama. Malamanmu sun ce jinin da aka jawo da magani kafin lokacinsa ba a ƙirga idda da shi, amma wanda ya makara aka nemo shi da magani haila ce. Naki ya makara, don haka in ya zo ki bar salla da azumi, ki rubuta ranar.

Kafin nan kina salla da azumi kamar kowa. Ba na ganin hoton mara, ko da ya nuna babu ciki, ya rage miki shekarar. Saura wata bakwai in jini bai zo ba. Tunda saki ɗaya ne, ci da sha da muhallinki na kan mijinki, yana iya mayar da ke, kuma ba a ɗaura miki wani aure sai idda ta cika. Wallahu a'alam.