Ka canza riga, ka bar wa mai fuska fuskarta

"Maigida, hoton Hajiyar nan da aka ce a cire atamfa a sa mata leshi, rigar kaɗai na shafa, ban taɓa fuska ba. Amma da ya fito sai ta yi haske, billen kumatunta ya dusashe, kitson da ya sauko kafaɗa ya zama wani iri. Ina na kuskure?"

Jawo kujera ka zauna, ɗana, na riga na buɗe aikin naka na gani. Shafenka bai yi muni ba. Kuskuren yana wurin da ba ka zata ba: ka bar fuskar ta shiga cikin Stable Diffusion, injin da ke zana mana sabuwar rigar, ta fito, kuma duk abin da ya shiga injin nan ba ya fitowa yadda ya shiga, ko da ka ce masa kada ya taɓa.

Stable Diffusion ba ya aiki a kan hoton da kake gani da ido. Sai ya fara matse shi tukuna da wani ɓangare nasa da ake kira VAE, wanda ke rage tsawo da faɗi sau 8. Hoto mai fiksel 512 kowane gefe yana komawa gida 64 kowane gefe, a can ake yin zanen, sannan a sake buɗe shi. Shafen da ka yi yana gaya masa inda zai yi sabon zane ne kawai. Matsewa da buɗewa kuwa duk hoton suke taɓawa, har fuska. Shi ya sa a ComfyUI, manhajar da kake sarrafa injin da ita, idan ka ɗauki abin da ya fito daga `VAE Decode` kai tsaye ka adana, fuskar da ke ciki kwaikwayo ce ta asalin.

Mu yi lissafi da hoton Hajiya. Ya zo mana 3000 a faɗi, 4000 a tsawo. Ka rage shi zuwa 768 da 1024 don injin ya iya ɗauka, wato kusan sau 4. Faɗin fuskarta a asali kamar fiksel 600 ne, ya koma 150 da ɗoriya. Da aka matse sau 8, fuskar gaba ɗaya ta zama gida 19. Billen nata kaurinsa bai wuce fiksel 8 a asali ba, ya koma 2 bayan ragewa, wato rubu'in gida ɗaya. Ta ina zai tsira? Injin ya ɗauke shi a matsayin datti ya goge. Daga nan ka ga fuskar ta yi dishi-dishi, sai ka bi ta da CodeFormer, manhajar fito da fuska, don ta fito tangaran. Shi kuma ba gyara yake yi ba, sabuwar fuska yake zanawa mai kama da waccan: ya sulɓe fata, ya gyara ido, ya share abin da ya rage na billen. A shagon nan ba na so a ɗora shi ko ɗan'uwansa GFPGAN a kan fuskar da ta fito sarai tun daga kyamara.

Maganin wannan ɓangaren mai sauƙi ne. Bayan injin ya gama, rigar kawai za ka ɗauka daga wurinsa. Ka faɗaɗa sabon hoton ya koma 3000 da 4000, ka ɗora shi a kan na asali, shafen ya zama shi ne ƙofar da rigar kaɗai za ta leƙo. A ComfyUI akwai `ImageCompositeMasked`: asalin a `destination`, sabon a `source`, shafen a `mask`. In da hannu kake so, leya biyu ne a Photoshop ko GIMP. In kuma hotuna ne da yawa:

```python
from PIL import Image
asali = Image.open("asali.png").convert("RGB")
sabo = Image.open("sabo.png").convert("RGB").resize(asali.size)
shafe = Image.open("shafe.png").convert("L").resize(asali.size)
Image.composite(sabo, asali, shafe).save("gamamme.png")
```

Inda shafen yake fari sabon zane zai fito, inda yake baƙi asalin zai zauna. AUTOMATIC1111, wani dandalin sarrafa injin irin ComfyUI, yana yin wannan ɗorin da kansa a `Inpaint`, shi ya sa yaran da suka fara da shi ba su san da matsalar ba sai ranar da suka koma ComfyUI. Kuma duk gwajin da za ka sake, daga hoton asali za ka fara. Na ga ka ɗauki na farko ka gyara hannun riga, ka ɗauki na biyu ka gyara wuya. Sau uku ke nan fatar ta shiga ta fito, kowace shiga launin yana ɗan gocewa.

Yanzu fuska ta tsira. Sauran aikin, wanda shi ne sana'ar, yana bakin iyaka ne: wuya, hannu, da gashi.

Dubi wuyan. Atamfarta mai wuya a rufe ce, leshin da ka nema kuma wuyansa ya faɗa ƙasa da kamar yatsu uku. Fatar wurin babu ita a hoton, ba kyamarar da ta ɗauke ta, dole injin ya ƙirƙiro. Kuma a abin da na gani shekarun nan, in aka bar shi ya ƙirƙiro fata, yakan karkata zuwa mai haske da sulɓi fiye da ta mutanenmu. Ga shi nan kuwa, kamar an ɗaura mata farin ƙyalle a ƙasan wuya. Dokata ita ce sabuwar riga ta rufe duk inda tsohuwar ta rufe, ko ta fi. Ka rubuta masa wuya a rufe, dogon hannu. In ka bi wannan, ba fatar da zai zana, ba launin da zai ɓata. Dokar tana kuma tsare mutuncin shago. Ba ma rage wa kowa sutura a hoto, ba ma kuma canza wa mutum kaya sai shi mai hoton ne ya kawo ko ya yarda. Wanda ya zo da hoton wata da ya ciro a waya ya ce a canza mata shiga, ka turo min shi.

In dole sai ɗan sashen fata ya fito, misali wuyan hannu, kada ka yarda da idonka, ka auna. Ɗauki `Eyedropper` a Photoshop, ka sa `Sample Size` a `31 by 31 Average`, ka taɓa fatar asali kusa da iyaka, ka taɓa sabuwar a inda haske ya yi daidai da can. In lambobin ja, kore da shuɗi sun yi nisa da juna, ka gyara sabuwar da `Curves` har ta zo kusa. Sabuwar ake jawowa wurin tsohuwar, ba a taɓa yin akasin haka. Hannayenta da lallen da ke kai kuma ka fitar da su daga shafe gaba ɗaya, har zobe da awarwaro. Lalle in ya shiga injin, zanen banza yake fitowa, kuma mace ta san zanen da ta zauna aka yi mata.

Kitson ne ya fi cin lokaci, a nan na taɓa ƙonewa. Wata amarya ta kawo hoto, kitsonta ƙanana sun zubo a kafaɗa, na shafe su tare da riga don sauri. Injin ya mayar da ƙarshensu gashi mai santsi, sama kitso, ƙasa kamar na kanti. Yayarta ce ta zo karɓa, kallo ɗaya ta yi ta ajiye hoton a kan tebur ta ce wannan ba ƙanwarta ba ce. Na mayar da kuɗi, na kuma ji kunyar da har yau ban manta ba.

Tun daga ranar nake yin shafe biyu. Na farko na injin ne, mai faɗi: ya rufe tsohuwar riga duka, ya ɗan haura bakinta da fiksel kaɗan, ya haɗa har da kitson da ya kwanta a kanta, don yadin ya fito a shimfiɗe ba yankewa. In ya zana nasa gashin a wurin, ka sake gwaji har ka sami kafaɗa mai tsabta. Na biyu na ɗori ne, matsattse: a nan kake cire kitson jela-jela, ka cire fata, ka cire ɗan kunne, don na asali su zauna a saman sabon yadin. Segment Anything da Meta ta fitar a 2023 zai ware maka riga cikin sauri, amma tsakanin jelar kitso sai hannu. Ka zuƙo hoton sosai, ka ɗauki ƙaramin buroshi. Atamfarta ja ce, leshin fari, saboda haka duk inda ka bari za ka ga jan zare a gefen kitso. Laushin bakin shafen kada ya yi yawa a kusa da fata da gashi, fiksel 2 zuwa 4 a cikakken hoto ya isa. In ka kai shi 20, sabon zane zai malalo kan haɓa. Bayan haka ka sa 'yar inuwa mai laushi a ƙarƙashin kitson, in ba haka ba zai yi kamar an manna shi da gam.

Kan ƙarfin canji, tunda `VAE Encode (for Inpainting)` ka yi amfani da shi, bar `denoise` a 1.0, domin yana share abin da ke ƙarƙashin shafen ne, in ka rage sai toka-toka ta fito. Da ƙarfi haka kafaɗa na iya faɗi ko ta tsuke, kai ya zama kamar an aro shi. Ka haɗa ControlNet na `depth` ko `openpose` daga hoton asali ya riƙe maka tsayuwar jikin.

Akwai abin da zai ruɗe ka bayan ka gama komai daidai. Farin leshi kusa da fuska zai sa ka ga kamar ta yi duhu fiye da da, hannunka zai yi ƙaiƙayin ƙara mata haske. Kada ka yi. Ido ne ke yaudararka, lambobin ba su motsa ba. Leshin ne ya fi hasken ɗakin da aka ɗauki hoton, shi za ka rage, ka ɗan ɗumama farinsa ya dace da fitilar wurin, ka zuba masa ɗan tsakin hoto irin wanda ke fuskar, don yadin injin yakan fito sumul fiye da abin da waya ta ɗauka.

Kafin ka kira ni in duba, ga gwajin da za ka yi. Ka adana a PNG, ka ɗora gamammen a kan asalin, ka sa leyar sama a `Difference`. Duk inda bai canza ba zai yi baƙi ƙirin. Ka ɗora `Levels` a sama ka ja shi sosai don ƙaramin bambanci ma ya bayyana. Riga ce kaɗai ya kamata ta haska, da 'yar inuwar da ka sa. In ka ga ko da alamar ido ko layin kumatu, fuskar ta bi ta injin, ka koma wurin ɗori.

Tashi ka buɗe asalin, wanda ta turo a matsayin fayil, ba wanda WhatsApp ya matse ba. Fara da shafe na biyu tunda shi ne mai wuya, kitson hagu guda bakwai ne, ina so in ƙirga bakwai in ka gama. Da la'asar za ta aiko a karɓa.