Amsoshin Tambayoyinku: Me Zan Faɗa a Ƙarshen Bidiyo?

"Ina saro atamfa a Kantin Kwari ina sayarwa daga gida. Ana kallon bidiyona amma ba a saye. A ƙarshe nakan ce a danna layik, a tura wa wasu, a bi shafina, a kira ni. Jarin na yayata ne, har barci ba na iya yi." — Mai atamfa, Kano

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, tunda ana kallo, gyaran kaɗan ne. Ko yaro kika aika abu huɗu a lokaci guda, mafi sauƙin zai kawo ya manta sauran. Mai kallo ma haka yake: ya danna layik, ya ji ya fita hakkinki, ya wuce. Ke kuwa ciniki kike nema, don haka abu ɗaya za ki roƙa.

A ce kin nuna atamfa kala uku. Ki liƙa wa kowace lamba, ki warware ta gaban kyamara a hasken rana, ki faɗi kuɗin turmi da bakinki. Sannan ki ce: "Wadda ta yi miki, turo min lambarta ta WhatsApp, zan faɗa miki kuɗin kaiwa unguwarku." Mai saye ta san abin da za ta yi, ta san inda za ta yi shi, ta kuma san abin da zai biyo baya. Ba ki ce "saya" ba ko sau ɗaya.

Ki daina ɓoye farashi da "sai kin yi min magana". Mata da yawa na jin nauyin tambaya sannan su kasa saye, gara su yi shiru. Ki kuma sauƙaƙa hanyar zuwa gare ki da wannan adireshin a bayanin shafinki:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX
```

A wurin X ɗin ki sa lambar wayarki, ki cire sifilin farkonta, kada kuma ki sa alamar +. A Instagram adireshin da aka rubuta ƙarƙashin bidiyo ba ya dannuwa, shi ya sa na ce a bayanin shafi. Bayan mako biyu ki ƙirga saƙonnin da suka shigo. In an turo amma ba a biya ba, maganar ƙarshen ta yi aikinta, sai a duba farashi ko kuɗin kaiwa.

"Wani ya ce in biya shi ya ba ni kalmomin sirri da ke sa mutane saye dole. In biya?" — Mai takalma, Zariya

Malam, da yana da su da kansa zai yi wa talla, ba zai tsaya neman kuɗinka ba. Riƙe abinka ka sayi fitila mai kyau, takalmanka su fito.

"Abokina ya ce in riƙa cewa 'saura uku kacal' ko da kaya na cike. Yana aiki?" — Mai turare, Maiduguri

Yana aiki sau ɗaya, kuma nan ne raina ke ɓaci. Wanda ya ji "saura uku" ranar Litinin, ya sake jinsa ranar Juma'a, ga kwalabe jere a bayanka, ya gama karantarka. Wanda ya yi wa ƙidaya ƙarya, wa zai yarda turarensa ba gauraye ba ne? Mutanenmu sun sha tura kuɗi a kawo musu jabu, ko a toshe lambarsu gaba ɗaya. Yanzu da zarar an ji gaggawa, "yi maza", "yau kaɗai", "kada a ba ka labari", sai a tuna da ɗan damfara, domin shi ne ba ya son a tsaya a yi tunani. Ni kaina na taɓa faɗawa: ragin "yau kaɗai" ya sa na sayi agogo, bayan wata guda na tarar ana nan ana ragin, agogon kuwa ya riga ya tsaya.

Haka masu "rubuta Amin in kana son mahaifiyarka" a ƙarƙashin tallar humra. Wannan tursasawa ce da sunan addini, kuma tun 2017 Facebook ya sanar cewa zai riƙa danne rubutun da ke roƙon layik da sharhi ta wannan salon. In wa'adin gaskiya ne, faɗe shi tare da dalilinsa: "Odar Sallah zan rufe ranar Laraba, don kaya su isa Kano kafin hutu." Ranar Laraba kuwa ka rufe da gaske.

"Ina koyar da ɗinki a YouTube, ba na sayar da komai. Me zan ce?" — Tela, Maraɗi

Kai bukatarka a ci gaba da kallo. Bar roƙon a bi tasharka tun a farko, kafin ka koya wa kowa komai. In ka gama nuna yankan wuyan kaftani, ka ce: "Wuya ya fita, saura haɗa hannu, ga shi nan a bidiyon da ke gefe." YouTube na ba ka damar liƙa bidiyo na gaba a daƙiƙa 5 zuwa 20 na ƙarshe, don haka ka yi maganar daidai lokacin da hoton ya bayyana, ka nuna shi da yatsa.