Ina Sauran Kuɗina? Amsoshin Masu Sayarwa a Kasuwar Intanet

Tambaya: Na sayar da jaka a kan 20,000 a kasuwar intanet, amma 6,660 kawai suka shigo asusuna. Ga takardar lissafin da suka turo, na kasa gane ta. Cuta ta suka yi? Hankalina ya tashi.

Kwantar da hankalinki 'yar'uwa, na bi takardar layi-layi, babu cuta a ciki. Ciniki biyu ne aka haɗa miki a biya ɗaya.

Mu fara da jakar. An cire kamasho kashi 15 cikin ɗari, wato 3,000. Sai kuɗin aikawa, 2,400, wanda na tabbata ya fi abin da kika yi tsammani. Dalili kuwa kwalin da kika sa ta ne. Kamfanonin jigila da yawa suna auna girman kwali, su ninka tsawo da faɗi da tudu a santimita, su raba da 5,000, sannan su caji wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli. Kwalinki 40 da 30 da 25 ne, sai ya tashi kilo 6, alhali jakar ba ta wuce kilo 2 ba. Iska kika biya wa kuɗin mota. Abin da ya rage miki daga jakar 14,600 ne.

Ragowar giɓin daga takalmin 8,000 ne da kika sayar a watan jiya. An riga an biya ki kuɗinsa, sai mai saye ya dawo da shi, don haka aka zare 8,000 ɗin daga kuɗin jaka. Kamashon takalmin 1,200 ne, sun mayar miki da 960, sun riƙe 240 a matsayin ladan aikin mayarwa, sannan suka ɗora miki 900 na dawo da kayan. Wato 8,000 da 900, a cire 960 da suka mayar miki, duka 7,940. Cire shi daga 14,600, ga 6,660 ɗinki. Kasuwannin nan kan yi biya ne bisa zangon kwanaki, duk abin da ya faru a zangon a dunƙule yake zuwa. Ki riƙa bin lambar oda ɗaya-ɗaya. In kin ga an cire kuɗin mayarwa sau biyu a oda guda, ko an caje ki kamashon wani rukunin kaya daban, nan ne kike da hujjar kai ƙorafi.

Yanzu abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya, kuma ba ke kaɗai nake wa magana ba. Mutane suna sa farashi da ka, su ga an saya su hau murna, ba su taɓa zama sun lissafa abin da zai iso hannunsu ba. In a 12,000 kika sayo jakar nan, ribarki 2,600 ce, ba 8,000 ba, kuma asarar takalmin ta riga ta ci 1,140 daga ciki. Wasu kuma sun san da kamashon, amma lissafinsu a karkace yake. Mutum yana so 17,000 ya rage masa bayan kamasho, sai ya ɗora kashi 15 a kai, ya sa 19,550. To ai daga sabon farashin za a cire, sai ya tashi da ƙasa da 16,700. Rabawa ake yi: 17,000 a raba da 0.85, farashi ya zama 20,000. Ku kuma karanta a kan me ake lissafa kamashon. A eBay da Etsy, misali, har kuɗin aikawar da mai saye ya biya yana shiga ciki. Sannan kada ku taɓa cinye kuɗin ciniki kafin wa'adin mayar da kaya ya wuce, musamman masu sayar da tufafi da takalma, inda rashin dacewar girma ke yawan dawo da kaya.

Tambaya: In karɓi lambar mai saye mu ƙarasa ciniki a waje mana, kamashon ya zauna a aljihuna?

Haba Malam! Manyan kasuwannin sun haramta wannan a sharuɗɗan da ka amince da su, kuma suna rufe shago a kansa. Ranar da aka turo maka shaidar biya ta bogi, babu wanda zai saurare ka. Ka gyara farashinka.

Tambaya: Sabon shiga ne ni. An nuna kuɗina a shafina amma an ce a riƙe suke. Sun tafi ke nan?

Ba su tafi ba, ɗan'uwa. Ana yawan yi wa sababbi haka, a ajiye kuɗin har kaya su isa, don a samu abin biya in an yi mayarwa. Duba ranar saki da aka rubuta kusa da kowace oda, ka tabbata ka shigar da lambar bin sawun kaya, kuma sunan asusun bankinka ya yi daidai da na rajistarka. In ranar ta wuce ba a saki ba, ka rubuta musu tare da lambar odar.