Rigimar tukwici da rabon aiki a shagon gyaran gashi

Tambaya: Salamu alaikum, Anti. Ina da shagon gyaran gashi a Kaduna, da ma'aikata biyar: masu kitso biyu, mai lalle ɗaya, mai wankin kai, sai wata 'yar koyo. Kullum rigima a kan tukwicin da kwastoma ke bayarwa. Masu kitso sun ce nasu ne, mai wankin kai ta ce ai ita ma ta taɓa kan. Ga gunaguni a kan ranar hutu da lokacin cin abinci, har ɗaya ta fara maganar barin aiki. Yaya zan yi adalci ba tare da shagon ya watse ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ruwa ba ya tsami banza. A shekarun da na yi ina riƙe da shago, da wuya na ga rigimar tukwici da ta faro daga tukwicin kansa. Kusan kullum daga bakin ƙofa take farowa, wato wa ke ɗaukar kwastomar da ta shigo. Wadda ta samu kan amarya ta samu kuɗin aiki mai kauri, ta samu tukwici mai kauri. Wadda aka bar wa kan yara 'yan makaranta ta wuni a sunkuye, ta tashi da abin da bai kai kuɗin Keke Napep ba. Don haka kafin ki taɓa zancen kuɗi, gyara layi.

Ki sa ido na sati ɗaya, za ki gane ko layin shagonki ya lalace. Mota ta tsaya, Hajiya ta fito, sai ki ga mai kitson da tun ɗazu take jan hannu ta kammala cikin minti biyar. Ko wata uwa ta shigo da yarinya mai kuka da gashi a cukurkuɗe, nan take wata ta tuna tana son zagayawa banɗaki. Ba lalaci ba ne, lissafi ne, kuma tsarinki ne ya koya musu shi.

Maganinsa allo ne ɗan ƙarami a jikin bango, ko littafi a kan tebur inda kowa ke gani. Duk wadda ta iso da safe ta rubuta sunanta, a jere yadda suka zo. Kwastomar farko ta ta sama ce, kowane irin kai ta kawo. Ta gama, sunanta ya koma ƙasa. Wadda ta makara ta tarar da kanta a ƙarshen layi, kin ga ba sai kin yi faɗan makara ba.

Amma layi tsagwaronsa yana da zalunci a ciki, domin aiki ba ɗaya ba ne. Shuku biyar a kan yarinya ba daidai yake da ƙananan kalaba na awa huɗu ba. Sai ki raba ayyukanki gida biyu bisa farashin da ke jikin bangonki, babba da ƙarami. Babban aiki yana cinye layi ɗaya, ƙaramin aiki rabin layi ne: wadda ta yi shi tana nan a sama har sai ta yi na biyu. Da wannan kaɗai gudun kan yara zai ragu, don ba wadda za ta yi asarar layinta a kan ɗan kuɗi.

Saura kwastomar da ta zo da sunan wadda take so a bakinta. Wannan haƙƙinta ne, ba a tilasta wa mutum hannun da ba ya so. Sai dai idan aikin babba ne, a ƙirga shi a layin wadda aka nema. In ba haka ba, gwanar shagon za ta ci nata, ta ci na layi, ɗayar kuma ta zauna tana danna waya har ranar da za ta samu wani shagon. Na taɓa yin wannan kuskuren, na rasa yarinya mai hannu sosai, domin duk amaren wata guda ɗaya ta kwashe su ni kuma ina ganin ai kasuwa ce.

To, yanzu tukwici. Shagunan da na sani suna bin ɗayan hanyoyi biyu, kuma kowace da cutarta. Wasu sun ce wadda aka miƙa wa ita ke da shi. Nan mai wankin kai ce ke shan wahala: ita ta tsefe kan, ta wanke, ta busar, hannunta ya yi kanta da sabulu da ruwa, amma kwastoma fuskar ƙarshe take tunawa. Wasu kuma sun ce a zuba komai wuri ɗaya a raba daidai. Nan kuma gwana ce za ta yi sanyi, sannan za a fara cusa kuɗi a bakin zane. Idan kika ga asusun gamayya yana ramewa alhali kwastomomi ba su ragu ba, ɓoyo ya fara.

Abin da na zauna a kansa shi ne tsakiya. A kowane tukwici, kashi 70 cikin ɗari na waɗanda suka yi babban aikin ne, kashi 30 kuma ya shiga asusun mataimaka. Ba aya ba ce, kina iya yin 80 da 20 idan aikin mataimakanki bai yi nauyi ba. Abin da ba ya canzawa shi ne a yanke adadin tun kafin kuɗin su zo.

Ɗauki misali. Amarya ta zo ranar Laraba, aka wanke mata kai, aka yi kitso na awa uku, aka yi lalle na awa biyu. Da za ta tafi ta ba da naira 10,000, ta ce a sha ruwa. Naira 3,000 sun shiga asusu. Saura 7,000 a raba su bisa awannin aiki, uku da biyu, wato kaso biyar, kowane kaso 1,400. Mai kitso ta ɗauki 4,200, mai lalle 2,800. Ranar Asabar da yamma aka buɗe asusu, a ce an tarar da 12,000. Mai wankin kai ta yi kwana shida a satin, 'yar koyo kwana huɗu. Kwana goma ke nan, kowace rana 1,200: ta farko ta samu 7,200, ta biyu 4,800. Kar ki ce 'yar koyo ai ilimi take samu. Ita ke share gashi, ita ke riƙe kan yaro, ita ake aika sayen reza, kuma wannan ɗan kuɗin ne ke sa ta dawo ranar Litinin.

Inda ake yawan samun ɓaraka yanzu shi ne kuɗin da aka turo ta banki. Kwastoma ta haɗa kuɗin aiki da tukwici ta tura asusunki, ke kaɗai kika ga alat. Ko ba ki ci ko sisi ba, zargi zai shiga. Ki nuna wa mai aikin wayar a gaban kwastoma, ki rubuta a littafi da kwanan wata da sunan wadda ta yi aikin, ki biya kafin a rufe shago. Ke kuma mai shago ba ki da kaso a tukwici, sai dai in da hannunki kika yi kitson. Kuma kar ki cire tarar makara ko kuɗin madubin da aka fasa daga cikinsa. Ba ke aka bai wa ba.

Kyautar da ba kuɗi ba, atamfa ko turare, ta wadda aka ambaci sunanta ce. Cincin da dubulan na biki kuwa a zube a tsakiya.

Batun hutu, dokar ƙwadago ta Najeriya ta yi magana a sashe na 13: wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a rana yana da hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, kuma a cikin kowane kwana bakwai yana da hutun awa 24 a jere. Ko da ma'aikatanki a kan kaso suke aiki ba albashi ba, ki ɗauki wannan a matsayin ma'auni. Mai kitso da yatsu da baya take ci. Idan ta haura awa huɗu ba ta miƙe ba, tsagar kai tana fara karkacewa, hannu yana ƙara tsanani, gobe kwastoma ta dawo da ƙuraje a gaban goshi.

Ba dole awar ta zo a dunƙule ba. Minti arba'in wajen azahar don salla da abinci, minti ashirin wajen la'asar, a fita kashi biyu don kar shago ya zama wayam. Masu kitson nan biyu kada su fita tare. Sharaɗi biyu ne ke sa hutun ya zama na gaske. Na farko, wadda ta tafi hutu ba ta rasa layinta. Idan kwastoma ta zo a lokacin, ta bayanta ta ɗauka, ita kuma tana dawowa ta tarar da sunanta a sama. In babu wannan, za ki ga suna cin abinci a tsaye ido na kan ƙofa. Na biyu, wadda ta shafa wa kwastoma man miƙar da gashi ba ta matsawa ko nan da can sai ta wanke shi, don mintunan da aka rubuta a jikin kwali ba sa jiran kowa, ƙunar fatar kai kuma sunan shagonki za ta ɓata. Mai lalle ita ce mai sa'a, lokacin da ake jiran lalle ya bushe ya isa ta ci abinci a zaune. Amma ki ce mata hutunta ke nan a fili, kar a aike ta wani aikin.

Ranar hutu kuma ki bi inda kasuwa take. A yawancin shagunanmu Laraba zuwa Asabar ne cunkoso saboda bukukuwa, Litinin da Talata kuwa da sauƙi. Ki raba hutun tsakanin Lahadi, Litinin da Talata, ki liƙa jadawalin wata guda tun farkonsa. A Kaduna da wuya shago ya rasa Kirista a ciki: ki bar mata Lahadi, ita kuma ta riƙe shago lokacin shan ruwa a watan azumi. Asabar ɗaya a wata ki bar kowace ta samu bi da bi, su ma suna da bikin dangi. Musayar rana tsakaninsu ba laifi, muddin an faɗa miki kwana biyu kafin lokacin kuma an gyara a allo.

Satin jajiberin salla ne kaɗai wannan jadawalin ba ya aiki, don kowa na nan har dare. Ki rubuta hutun da aka ci a matsayin bashi, ki biya shi cikin sati biyu bayan salla, lokacin da shago ke yin tsit. Duk wadda ta wuce ƙarfe tara na dare, kuɗin motarta daga aljihunki, ba daga asusun mataimaka ba.

Ita kuma wadda ke maganar tafiya, ki kira ta gefe kafin ki tara sauran. Ki buɗe littafin wata biyu da suka wuce, ku ƙirga manyan ayyuka nawa ta samu, nawa abokiyar aikinta ta samu. Idan tazarar ta yi yawa, ki amsa laifin tsarin ne, ki gaya mata ranar da allon zai fara aiki, sannan ki nemi ta ba ki wata ɗaya ta gani.