Sun yi mini alkawari a waya, yanzu sun ce babu wannan magana

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Zariya. Intanet ɗin shagona ya ɗauke na kwana shida, na kira kamfanin, wata ma'aikaciya ta ce za su ƙara mini kwanakin da na yi asara, kuma za su mayar mini da naira 18,500 da aka cire sau biyu. Bayan mako biyu na sake kira, wani ya ɗauka ya ce bai ga komai a rubuce ba. Jiya sun sake yi mini irin wannan alkawarin. Me zan yi don kada a maimaita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Tunda jiya-jiyan nan aka yi kiran, ka zauna yau ka tura musu imel da ke ɗauke da abin da aka faɗa maka, kafin zancen ya yi sanyi. Ga dalili. Ma'aikacin da ya ɗauki waya yana da shafinka a buɗe a kwamfutarsa, kuma bayan kun gama ana so ya rubuta ɗan bayani a ciki kafin kira na gaba ya shigo. Sau da yawa abin da yake iya rubutawa bai wuce "ya yi ƙorafin cire kuɗi, an tura" ba. Adadin kuɗin da ranar da ya ambata maka duk sun tafi a iska. Wanda zai ɗauki kiranka na gaba wannan guntun layin kaɗai yake gani, don haka idan ya ce bai ga alkawari ba, mai yiwuwa gaskiyarsa ya faɗa. Muryar da suke cewa suna naɗa kuwa a hannunsu take, kai ba ka da ita. Imel ne ke sa kai ma ka riƙe wani abu mai kwanan wata da lokaci a kansa.

Fara da buɗe jerin kiran da ke wayarka, ka taɓa lambar kamfanin. Za ka ga ranar, da ƙarfe nawa, da tsawon mintunan da kuka yi. Ɗauki hoton allon nan take, domin jerin kira yakan cika ya ture tsofaffi. Sannan ka duba saƙonnin tes da akwatin imel ɗinka, har da babban fayil na `Spam`, ko sun turo maka lambar ƙorafi bayan kiran. Wannan lambar ta fi sunan ma'aikacin amfani nesa ba kusa ba: a cibiyar amsa kira ɗaya ana iya samun A'isha uku, amma lambar ƙorafi ɗaya ce tak. In ba su ba ka ba, sake kira ka ce a karanto maka ita, ka maimaita musu lamba-lamba. In aka ce babu lambar, to ka san ba a buɗe ƙorafin ba ma tukuna, sai ka nemi a buɗe a gabanka.

A layin take, wato `Subject`, kada ka rubuta "Ƙorafi" ko "Don Allah a taimaka". Sa lambar ƙorafi da lambar asusunka da ranar kiran. Mu ɗauka a matsayin misali cewa ranar Talata 4 ga Maris aka yi kiran, lambobin ma na misali ne. Saƙon zai fito kamar haka:

Take: Tabbatar da maganar waya ta 4 ga Maris, ƙorafi mai lamba 552190, asusu 70314

"Barkanku da aiki. Ranar Talata 4 ga Maris da ƙarfe 11:20 na safe na kira layinku, na yi magana da ma'aikacinku na tsawon minti 14, kan ƙorafi mai lamba 552190. Ga abin da ya shaida mini. Na ɗaya, za a mayar da naira 18,500 da aka cire sau biyu ranar 12 ga Fabrairu zuwa asusun bankin da aka cire ta, cikin kwanakin aiki biyar, wato zuwa Talata 11 ga Maris. Na biyu, za a ƙara kwana shida a kan biyan kuɗina, ranar ƙarewarsa ta tashi daga 14 ga Maris ta koma 20 ga Maris. Ya nemi in turo shaidar cire kuɗin, ga ta haɗe da wannan saƙo. Ina roƙon ku amsa mini a rubuce cewa haka maganar take. In akwai inda na yi kuskure, ku gyara mini kafin Juma'a 7 ga Maris."

A ƙarƙashi sai sunanka kamar yadda yake a asusun, da lambar wayar da ka kira da ita. In kana ganin ma'aikatansu ba sa karanta Hausa, ka rubuta da Turanci ko ka sa a rubuta maka. Tsarin da alƙaluman ba sa canjawa.

Ka lura da yadda aka bi da "kwanakin aiki biyar". A nan ne mutane da yawa ke samun saɓani da kamfani. Kai ka ƙirga biyar daga Talata ka tsaya a Lahadi 9 ga wata, su kuma ba sa ƙirga Asabar da Lahadi, ba sa ƙirga ranar hutun gwamnati, kuma galibi daga washegarin kiran suke farawa: Laraba, Alhamis, Juma'a, Litinin, Talata. Shi ya sa nake so ka mayar da kowane wa'adi zuwa rana takamaimai. Haka "za a ƙara maka kwanaki": rubuta tsohuwar ranar ƙarewa da sabuwa, don ranar da ka buɗe manhajarsu ka ga 14 ga Maris na nan daram, ka san ba a yi aikin ba. Kuma ka rubuta sunan watan da haruffa, domin 4/3 wani zai karanta shi 3 ga Afrilu.

Wurin da ya fi buƙatar ka yi wa kanka adalci shi ne kalmar da ma'aikacin ya yi amfani da ita. "Za a mayar maka" daban, "zan tura wa sashen kuɗi su duba" daban. Ta biyun ba alkawarin biya ba ne, alkawarin turawa ne. Idan ta biyun ya faɗa, haka za ka rubuta, ka ƙara da tambayar ranar da sashen kuɗin zai ba da amsa. Kada ka ƙara gishiri. In suka saurari muryar da suka naɗa suka ga ka sa masa magana a baki a wuri ɗaya, sauran saƙonka ma ya rasa ƙarfi. Haka kuma ka ajiye labarin kwastomomin da ka rasa da ɓacin ran da ka shiga. Suna da muhimmanci, amma in suka shiga wannan saƙon za su binne alƙaluman, mai karantawa ya amsa maka da ban haƙuri kawai.

Sai batun inda za ka tura. Ɗauko adireshin daga shafin kamfanin na ainihi, ko rasidinka, ko cikin manhajarsu, ba daga sharhin wani a Facebook ba, domin 'yan damfara na buɗe shafukan bogi da sunan masu kula da kwastoma. Kada ka tura wa adireshin da ya fara da `noreply`, ba mai karanta shi. In sun riga sun turo maka imel mai lambar ƙorafi daga adireshin da ake amsawa, danna `Reply` a kansa, kuma kada ka taɓa taken. Yawancin manhajojin karɓar ƙorafi da lambar da ke cikin take suke gane inda saƙo zai shiga. In ka buɗe sabon saƙo kowane lokaci, sai ka tara ƙorafi uku a hannun mutum uku, kowa na zaton ɗayan ne ke aikin. Wajen haɗa shaidar banki, rufe ragowar kuɗinka da sauran cinikin da bai shafe su ba. Lambar sirri, da lambar OTP, da cikakkiyar lambar katinka ba sa shiga imel ko da wa ya nema.

Tunda matsalar taka ta intanet ce, kada ka yarda da cewa ka danna tura shi ke nan. A manhajar Gmail, saƙon da bai samu hanya ba yakan maƙale a `Outbox`. Tabbatar ka gan shi a `Sent`. In saƙo ya dawo daga `Mail Delivery Subsystem`, adireshin ne ba daidai ba ko akwatinsu bai karɓa ba, wato bai isa ba ke nan. In ya isa, kamfanoni da yawa na turo amsa ta atomatik cikin 'yan mintuna. Wannan amsar shaida ce cewa sun karɓa, ba shaida ba ce cewa sun amince. Buɗe ta, taɓa ɗigo ukun da ke sama, zaɓi `Snooze`, ka sa 11 ga Maris. A ranar, amsar za ta dawo saman akwatinka ta tuna maka. A ɗigo ukun da ke jikin saƙon kuma akwai `Print`, inda za ka zaɓi `Save as PDF` ka ajiye kwafi a wajen imel. In saƙon ya ɓace maka cikin tarin wasiƙu, rubuta wannan a akwatin bincike:

```
in:anywhere 552190
```

Wasu kan ba da shawarar a rubuta "in ban ji daga gare ku ba, na ɗauka kun amince". Ni ban cika son jinginuwa da wannan jimlar ba. Shirunsu ba ya ɗaure su haka kawai don kai ka faɗa, musamman in ma'aikacin ya yi alkawarin abin da ya fi ƙarfin kujerarsa. Amfanin saƙonka shi ne ya nuna ka rubuta maganar tana da ɗuminta, ka ba su damar gyarawa, ba su gyara ba. Abin da kake farauta shi ne layi ɗaya daga wurinsu mai cewa "haka ne".

In 11 ga Maris ta wuce babu kuɗi, washegari ka amsa a kan wannan zaren, layi biyu sun isa: wa'adin da aka ɗiba ya cika jiya, kuɗin bai shigo ba, a miƙa maganar ga shugaban sashe. In nan ma shiru, kamfanin sadarwa ne, don haka Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ce ke sama da shi, kuma tana da layin ƙorafi na kyauta, 622. Ka riƙe lambar ƙorafinka a kusa kafin ka kira, domin ƙa'idar ita ce sai ka fara kai kuka wurin kamfanin bai share maka hawaye ba, kuma wannan lambar da zaren imel ɗinka su ne shaidar ka yi hakan. Da a ce banki ne ya yi maka alkawarin, sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Bankin Najeriya za ka nufa, su ma da lambar da bankin ya ba ka za su fara.